Gasar zanen 'yan aji biyar da shida: yadda aikin ba da maki yake tafiya

Litinin, 5 Mayu 2025

Yau bayan an tashi hedimasta ya kira ni ofis ya ce tunda ni nake yi wa yara darasin zane, to ni zan riƙe gasar da za a yi ta Ranar Yara, 27 ga wata. Kyauta uku ce, ta ɗaya jakar makaranta, ta biyu littattafan rubutu dozin, ta uku gwangwanin lissafi. Ya miƙo min wata 'yar takarda da ya rubuta abu uku a kai, ƙirƙira, ƙoƙari, amfani da kala, kowanne maki 10. Na ce ranka ya daɗe shi ke nan? Ya ce shi ke nan mana, me ya rage.

Abin da ya rage da yawa, amma ban faɗa masa ba. Bara ma an yi irin wannan, kuma abin da aka yi kawai an shimfiɗa takardu a tebur aka ce wannan ya fi kyau, sai ga shi ɗan gidan mai unguwa ne ya ci, har yau akwai iyayen da ba su manta ba alhali wallahi yaron ya iya zane. Shi ya sa zan riƙa rubuta komai a nan da kwanan wata, in an zo ana tambaya in sami abin nunawa.

Mun tsaida 'yan aji biyar da shida kaɗai za a jera. Ƙanana su yi nasu a manna a bango a raba musu alawa, ni dai ban ga amfanin ce wa ɗan aji biyu kai ne na talatin da huɗu ba.

Laraba, 7 Mayu

Alƙalai uku. Malamin lissafi, malamar aji uku, sai wani dattijo mai fenti da yake rubuta allunan shaguna a Ringim, shi ne ya rubuta mana sunan makaranta a bangon waje, kowa Baba yake ce masa. Ni ba zan ba da maki a takarda ba don na san hannun kowane yaro, ko an rufe suna zan gane. Nawa shi ne tsaron aji da haɗa lissafi.

Kan zane: "Garinmu da safe". Malamin Arabiyya ya tare ni a gindin darbejiya ya ce Malam ka san akwai gidajen da ake hana yara zana mai rai, kar yaro ya zana mutum babu fuska ku ce bai gama ba ku rage masa. Gaskiya ban yi tunanin wannan ba. Na saka a ƙa'ida, wanda ya bar fuska fili ko ma bai sa mutum da dabba kwata-kwata ba, ba a taɓa masa maki a kan haka.

Litinin, 12 Mayu

Mun yi gwaji. Na kwaso tsofaffin zanen yara guda shida daga kabad na ba Malam da Malama kowa ya ba da maki shi kaɗai ba shawara. Baba bai samu zuwa ba, wai yana da aikin shago.

A nan na gane kalmomin nan uku kowa da abin da yake ji in an faɗe su. Akwai wani zane mai tsaf-tsaf, gida da bishiya, an ja layi da rula, babu ko ɗigon datti. Malam ya ba shi 9 a ƙoƙari. Malama ta ba shi 4, ta ce wannan ai minti goma ya ishe shi, rabin takardar ma fari ne. Wani kuma an goge an goge har takardar ta kusa hujewa, Malam ya ba shi 5 don ƙazanta, ita ta ba shi 9, ta ce Malam gugar nan ita ce ƙoƙarin ai, yaron ya gwada ƙafar jakin nan sau nawa kafin ya bar ta. Malam tsafta yake aunawa ya kira ta ƙoƙari.

Sai muka zauna muka mai da kowace kalma abin da ido zai gani a takarda. Ƙirƙira muka ce tambaya ɗaya ce, akwai abin da yaron nan ya sa wanda shi ya gano da idonsa ko ya ƙago da kansa, ko kuwa abin da ake zana musu a allo da na cikin littafi ya maimaito. Kala kuma ba ƙirga launi ba ne, wanda ya yi da uku ya iya fin wanda ya zuba shida. Abin dubawa shi ne kalar ta raba abu da abu har ana gane kowanne, kuma da niyya aka zaɓe ta ko dai wadda ta zo hannu ce aka murza.

Ƙoƙari shi ya fi cin lokaci. Ba a iya ganinsa duka a takarda, don yaro mai saurin hannu zai cika shafi a minti ashirin yana hira, wani kuma ya yi sa'a yana gumi ya fito da abu kaɗan. Muka raba shi biyu. Maki 7 na alƙalai ne, su duba an yi amfani da filin takardar, an ƙarasa abin da aka fara, akwai ƙananan abubuwa irin igiyar guga ko murfin tukunya da sai an zauna ake sa su. Maki 3 nawa ne a cikin aji, zan zaga sau uku ba tare da na faɗi lokacin ba, duk wanda na samu yana kan aiki in yi masa alama ɗaya. Da na so in yi da lokacin da yaro ya miƙo takarda, Malama ta ce in suka gane haka za su zauna su riƙe takardar har a kaɗa ƙararrawa ko sun gama tun ɗazu, kuma gaskiyarta.

Talata, 13 Mayu

Na karanta wa yara ƙa'idar a asambili, na kuma rubuta a allon kowane aji. Wata 'yar aji shida ta ɗaga hannu ta ce Malam in zo da kalata ta gida? Yayanta ya kawo mata mai launi 24 daga Kano. Na ce a'a. In aka bari kowa ya zo da nasa to aljihun uba za a ba maki a layin kala, yawancin yaran nan fensir ɗin ma rabawa ake gida biyu da reza. Ta ɓata rai, na ji ba daɗi amma haka za a yi.

Da yamma na shiga Ringim na sayo kirayon ƙananan fakiti mai kala shida guda 16, ja, bulu, kore, yalo, ruwan ƙasa, baƙi. Benci ɗaya fakiti ɗaya, yara uku-uku. Farar takarda irin ta hoto-kwafi, kowa falle ɗaya. A gida ba za a yi ba, don na san zanen yayye da na samarin unguwa za a kawo min.

Alhamis, 15 Mayu

An yi. Yara 46, daga ƙarfe takwas da rabi zuwa goma saura kwata, tun kafin rana ta buɗe don kwanon ajin nan in sha ɗaya ta yi kirayon ɗin kansa laushi yake. Kowace takarda na rubuta lamba a bayanta, suna da lamba suna wata takarda dabam, na sa a ambulan na liƙe, hedimasta ya sa hannu a kan liƙin ya jefa a durowa.

Abin da ban lissafa ba shi ne yalo. Safiya ce, kowa sai ya yi rana, ga jarkokin ɗibar ruwa duk yalo ne, kafin rabin lokaci yalon benci huɗu ya zama guntu ana faɗa a kansa, a benci ɗaya ma ya karye ya shige ramin daɓe. Na rubuta lambobin yaran bencin nan uku a gefe don in alƙali ya ce me ya sa ranar nan ja ce in sami amsa.

Zagayen da na yi, 31 sun samu alama uku, 11 biyu, 4 ɗaya. A cikin masu ɗayan har da yaron da kowa yake cewa shi zai ci, ya gama da wuri ya koma yana zana wa na kusa da shi taya, sai da na raba su.

Asabar, 17 Mayu

Na shimfiɗa duka 46 a tabarma a gida ina kallo, ban ba da maki ba, kallo kawai. Guda 13 kusan abu ɗaya ne, gida mai rufin kusurwa uku da taga biyu, rana a lungun sama da 'yan tsinkayenta, tuta kore fari kore. A garin nan babu gida ko ɗaya mai wannan siffar, namu soro ne da katangar ƙasa da ɗakunan langa-langa. Gidan da muke zana musu a allo ne tun aji ɗaya, har da ni a masu laifin. In alƙali ya ɗauki ɗaya daga ciki shi kaɗai zai iya cewa kai wannan ya yi kyau ya ba shi 8 a ƙirƙira, sai ya kai na biyar irinsa sannan ya farga, lokacin kuma na farkon ya riga ya tsere da makinsa. Don haka ranar maki sai kowa ya zaga ya ga duka tukuna kafin a ɗauki biro.

Maiɗakina ta leƙo ta nuna lamba 17 ta ce wannan fa? Rijiya ce, mata uku a baki, amma yarinyar, ko yaron, ni dai na san ko waye amma bari in yi shiru, ta zana har cikin rijiyar kamar an yanka ƙasa gefe ana hangen ciki, ga igiya ta sauka, ga guga a can ƙasa ya karkata yana shan ruwa, har da ɗan kwaɗo. Layukan a karkace, kalar ta fita waje ko'ina. A kwaleji an koya mana yara suna da wani lokaci da suke zana abin da suka san yana wurin ko da ido ba ya ganinsa, shi ya sa za ka ga an zana ɗaki ana ganin gadon ciki ta bango. Ba kuskure ba ne. Amma ina jin tsoron yadda Baba zai kalle ta.

Talata, 20 Mayu

Ranar maki. Mun jera takardu a benci a ajin shida bayan an tashi. Layi-layi aka bi, kowa ya gama ƙirƙira a duka 46 sannan a dawo ƙoƙari sannan kala, don in ka ba zane ɗaya maki uku a lokaci guda, wanda ya burge ka a kala sai ka tsinci hannunka yana ƙara masa a sauran biyun ba ka sani ba. Kuma kowa da inda ya fara, Malam daga lamba 1, Malama daga 46 ta yo baya, Baba daga tsakiya, saboda gajiya kar ta faɗa kan takardu iri ɗaya.

Na karanta wa Baba ƙa'idar da muka yi ranar gwaji, yana ta gyaɗa kai yana cewa to, to, madalla. Da ya zo kan wata akuya da aka yi wa bulu sai ya tsaya ya ce Malam a ina aka taɓa ganin akuya shuɗiya? Malama ta ce Baba duba, katangar bayanta ruwan ƙasa ce, da ya yi akuyar da ruwan ƙasa ai ta ɓace. Ya ce uhm. Na ga dai abin da ya rubuta, 3.

Sai wajen la'asar aka gama, ban haɗa ba, kaina ya yi zafi.

Laraba, 21 Mayu

Na haɗa jiya da dare da kalkuletar waya, na sake da safe don na ɗauka kuskure na yi. Ba kuskure.

Kowane alƙali makinsa 30 ne in an haɗa da ukun nan nawa na cikin aji, gaba ɗaya 90. Lamba 31 ce ta zo ta ɗaya da 75. Motar kaya ce a tasha, an yi ta da kyau ƙwarai, layi a miƙe, kala ba ta tsallake ko'ina ba, har da rubutun jikin mota. Lamba 8 ta biyu da 73, wata tsohuwa tana suyar ƙosai yara sun kewaye ta da kwanuka, hayaƙi yana tashi. Lamba 17 ta rijiya ta tsaya ta shida da 65.

To ga inda abin ya tsaya min. Malam ya ba rijiyar 26, motar 23. Malama ta ba rijiyar 25, motar 23. Wato mutum biyu cikin uku sun fifita rijiya a kan mota. Baba ya ba rijiyar 14, motar 29. Tazarar da su biyun suka sa, 3 da 2, duka 5 ke nan. Tazarar Baba shi kaɗai 15. Sai motar ta wuce da maki 10.

Na koma na duba makin kowa daga ƙasa zuwa sama. Malam duk takardun nan 46 tsakanin 22 da 26 ya zuba su, shi mutum ne da ba ya son karya zuciyar yaro, kuma 30 a wurinsa sai wanda ba a haifa ba. Malama daga 18 zuwa 27. Baba daga 6 har 29. Da na ɗauka matsalar alƙali mai rowa ne da mai kyauta, ashe wannan ba ya canza komai, in mutum ya rage wa kowa biyar jerin yana nan yadda yake. Wanda ya buɗe tazara shi yake yanke hukunci. Malam da ya matse makinsa a wuri ɗaya kusan kamar bai zo ba, zanen da ya fi so duka duniya da wanda ya fi ƙi maki 4 ne tsakaninsu, Baba kuwa a layin kala kaɗai ya ba rijiya 3 ya ba mota 10.

Kuma Baba ba son kai ya yi ba, bai san ɗan kowa ba. Sana'arsa ce, shekara da shekaru in fenti ya tsallake layi mai shago ba zai biya ba. Abin da ya auna shi ne iya hannu, kuma iya hannu ba ya cikin abu ukun da muka karanta wa yara. Har a ƙirƙira ya ba motar 9, alhali Malama 5 ta ba ta don ta ce irin motar da ke bayan littafin rubutu ce. Laifina ne da na bari aka yi gwajin ranar 12 babu shi, na zaci karanta masa ƙa'ida ya isa.

Alhamis, 22 Mayu

Na kai wa hedimasta. Farko ya ce Malam lissafi ai lissafi ne, wanda ya fi maki shi ya ci, kar ka jawo mana magana. Na ce ranka ya daɗe ambulan tana durowarka ba a buɗe ba, alƙalai ba su san mai mota ba ba su san mai rijiya ba, in za a gyara yau ne, ranar da aka buɗe suna kuma ko maki ɗaya aka taɓa an ce an yi maguɗi. Ya ce kai fa ka san hannunsu. Na ce shi ya sa ba ni zan zaɓi hanyar ba, a kira su ukun a faɗa musu su yanke. Wannan maganar tasa ta zauna min, don gaskiya ne ina son rijiyar nan, kuma ban da tabbas da motar ce aka danne zan tashi da dare ina sake lissafi.

Ban nuna musu jimla ba, ban ambaci lambar kowa ba. Na rubuta musu 22 zuwa 26, 18 zuwa 27, 6 zuwa 29 a allo kawai. Malamin lissafi yana gani ya yi dariya ya ce wato ni ɗan rakiya na zo. Shi ya kawo shawarar a bar haɗa maki a koma haɗa matsayi. Kowane alƙali ya fid da biyar ɗinsa na sama bisa abu ukun nan dai, a haɗa su wuri ɗaya, sannan kowa ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, babu kunnen doki. Sai a tara matsayin, mai ƙaramar jimla shi ne a gaba. A haka na ɗayan Malam da na ɗayan Baba nauyinsu ɗaya, ko da wancan tazarar maki 1 ya bayar wannan ya ba da 8.

Ita ma hanyar tana da nata. Ba ta nuna ko na ɗaya ya yi wa na biyu fintinkau ne ko da ƙyar ya wuce shi, kuma ba za ka iya jera takarda 46 a haka ba sai ido ya juye, shi ya sa muka tsaya a na saman. Sauran makinsu na farko yana nan.

Kafin a jera na roƙi Baba mu yi abin da ya kamata a yi tun ranar 12. Na ɗauko tsofaffin zanen nan shida, ba na gasar ba, Malama ta riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya suna gardama. Ya ce shi fa abin da ba a yi shi daidai ba bai san yadda zai ce ya yi kyau ba. Ta ce Baba shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ma ba da rula aka yi su ba, ga shi har yau ana zuwa kallo. Ya yi dariya ya ce 'yar nan kin iya magana. Bai sauka daga ra'ayinsa duka ba, kuma ni ban so ya sauka ba, amma ya yarda fita layi shi kaɗai ba zai sa a ba kala 3 ba.

Jumma'a, 23 Mayu

Biyar-biyar ɗin da aka haɗa sun ba da takarda 10, don wasu sun shiga wurin mutum biyu ko uku. Kowa ya shiga aji shi kaɗai ya jera a benci, na rubuta, na hargitsa, na gaba ya shigo.

Lamba 8 mai ƙosai: Malam na 2, Malama na 1, Baba na 3, jimla 6.
Lamba 17 rijiya: 1, 2, 7, jimla 10.
Lamba 31 mota: 6, 5, 1, jimla 12.
Lamba 40, garken shanu za su fita kiwo: 3, 4, 6, jimla 13.

Ashe ba rijiyar ba ce ma, mai ƙosai ce, wadda duka ukun suka sa a ukun farko. Ina ta faɗa a raina tsakanin biyu ita tana gefe. Na sake ɗaukarta na duba da kyau, yaran da ke layi kowa da irin kwanonsa, ɗaya ya ɗora nasa a ka, hayaƙin kuma da baƙi aka yi shi sama-sama aka murza da yatsa har ya zama toka-toka tunda babu ruwan toka a fakitin. Fuskokin duk fili ne babu ido babu baki. Da ba don maganar malamin Arabiyya ba da an rage mata a cewa ba ta ƙarasa ba.

Tsakanin ta uku da ta huɗu maki ɗaya ne tak. Ba mu tanadi abin da za a yi in an yi kunnen doki ba, Allah ne ya rufa asiri. Na rubuta a bangon littafin nan, badi tun kafin a fara a faɗa cewa in aka yi daidai makin ƙirƙira ne zai raba.

Litinin, 26 Mayu

An buɗe ambulan a ofis gaban alƙalai da shugaban kwamitin iyaye. Mai ƙosai yarinya ce 'yar aji biyar, jikar mai suyar ce ma, kullum ita take kai mata itace kafin ta taho makaranta, shi ya sa take makara. Mai motar shi ne ɗan autan wani direba, ba yaron nan da ya gama da wuri ba, shi wancan ko goman bai shiga ba.

Shugaban iyaye ya tambaya ko gaskiya ne an yi lissafi biyu, don maganar ta riga ta fita gari, ban san ta bakin wa ba. Na buɗe masa littafin nan ya karanta na 21 da na 22 da kansa, ya daɗe a kai, sannan ya ce to shi direban in ya zo ni zan yi masa bayani ko kai? Hedimasta ya ce a turo shi ofis.

Na rubuta wa kowane yaro layi ɗaya a bayan takardarsa, abu guda da alƙalai suka gani, irin "igiyar gugarki ta fito sosai" ko "katangarka ta yi kama da ta gaske", ban sa maki ba sai na goman sama da za a karanta. Na kai 29, saura 17, kuma igiyar da za mu rataye su gobe a baranda ba a kawo ba, iskar yamman nan ta hadari in ta taso sai dai mu mai da su cikin aji. Baba ya aiko a tambaya wane yaro ne mai motar, wai in babansa ya yarda ya riƙa zuwa shago ranar Asabar yana riƙe masa gwangwanin fenti.